Don Allah ku duba min lissafin kekena, ribar ba ta bayyana

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi. Ina tuƙa Adaidaita Sahu a Kano, daga Kabuga zuwa Kasuwar Kwari, keken kuma ba nawa ba ne.

A rana nakan yi sawu 12, ina tara kamar N24,000. Mai yana cin N9,000, balas ɗin mai keke N6,000, kuɗin tikiti N500. Saura N8,500, wato kusan N700 a kowane sawu. A kwana 26 ya kamata in ga N221,000, amma abin da na rubuta na kai gida a watan jiya N160,000 ne kacal.

Na gano wani ɓangare. Kulocin ya lalace, keken ya kwana 3 a gareji, gyara ya ci N18,000, kuma a yarjejeniyarmu ƙananan gyare-gyare a kaina suke. Juyen baƙin mai sau biyu, N9,000. Kwana ukun nan ban samu N25,500 ba. Duka N52,500 ke nan, saura N8,500 da na rasa inda suka shiga. Ina zargin yawon neman fasinja tsakanin azahar da la'asar, lokacin da nake dawowa da mutum ɗaya a baya.

Inda na maƙale: kuɗin taya da kuloci, da ba kullum ake kashe su ba, a kan sawu zan raba su ko a kan kilomita? Mitar keken ta mutu tun kafin a ba ni shi. Sannan ranar da keke ke gareji, asara zan rubuta ta, ko in cire ta daga kwanakin aiki kawai?