Taƙaitawa: ƙulli a wuya marar zafi, da alaƙarsa da taba

Ga abin da aka tattaro daga muhawarar da aka yi kan wane ƙullin wuya ne abin tsoro, da abin da ya kamata a yi in ya fito:

1. Baki ya zo ɗaya cewa kaluluwar da mura ko ciwon haƙori suka tayar tana da zafi, tana motsi in an taɓa, kuma takan sace cikin mako biyu zuwa uku. Wanda ake tsoro shi ne ƙulli mai tauri, marar zafi, a gefe guda, wanda ya wuce mako uku yana ƙara girma. Sau da yawa ciwon daji ne daga harshe, maƙogwaro ko bayan hanci ya bazu zuwa nan.

2. Sauran alamu: gyambon baki da ya ƙi warkewa, disashewar murya fiye da mako uku, wahalar haɗiya, da ciwon kunne ɗaya alhali kunnen lafiya lau.

3. Garin taba da ake cusawa tsakanin leɓe da dasashi yana ƙunshe da sinadarai masu jawo daji. A daidai gurbin da ake ajiye shi farin tabo kan fito, wanda gogewa ba ta cire shi. Sigari kuwa ta fi cin maƙogwaro, in aka haɗa da giya haɗarin ya ninka.

4. An rabu kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wasu sun ce a gwada sau ɗaya, masu rinjaye suka ce in babu zazzaɓi ko zafi ɓata lokaci ne kawai.

5. Kada wanzami ya tsaga, kada a fara da yanke ƙullin. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro zai leƙa da siririyar kyamara ta hanci, sannan a zuƙo ƙwayoyin ƙullin da allura, domin tarin fuka ma yakan kawo irinsa.