Wata takwas da aure shiru, mu je asibiti ko mu ƙara jira?

Amaryar Gwale: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 36, watanmu takwas da aure, har yanzu shiru. Maigida ya ce gaggawa nake yi. Al'adata tana zuwa, sai dai duk bayan kwana 35. Ku ba ni shawara don Allah.

Hajiya Uwani: Wa alaikumus salam. Wata takwas kacal, 'yata? Likitoci ma sai an cika shekara suke sauraron mutum.

Anti Nas: Hajiya, shekara ɗayan nan ta wadda ba ta kai 35 ba ce. Daga 35 zuwa sama wata shida ake ba su, ana kwanciyar aure a kai a kai ba tare da tsarin iyali ba. Mai 40 kuwa ba a ce mata ta jira. Amarya kin ma wuce lokacin, ku je. Kuma ku biyu nake nufi.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri da kalmar nan, ku biyu. Ni shekara uku na yi ina shan maganin sanyi. Wani asibitin kuɗi na riƙa zuwa, duk zuwa sai a yi sikanin, a ce akwai sanyi, a rubuto allurai. Ba wanda ya taɓa tambayata ina mijina. Gida kuma ga sassaƙe, ga turaren tsuguno, uwar miji tana aiko da jarka-jarka. Shi ko cewa yake ai yana da ɗa da matarsa ta fari, yaron har ya shiga sakandare. Sai da muka koma asibitin gwamnati wata likita ta ce ba za ta taɓa ni ba sai ya kawo maniyyi. Aka gwada, ƙwayoyin sun yi ƙaranci sosai, ashe jijiyoyin marainansa ne suka kumbura. Gwajin da ya fi duk nawa arha, ba allura ba ciwo. Har yau in na tuna kuɗin alluran nan sai raina ya ɓaci.

Baban Khalifa: To mu maza dai kullum mu ne a kwano.

Maman Ilham: Malam ba wanda ya kira sunanka.

Baban Khalifa: Wasa nake. Amma tsakani da Allah abin akwai nauyi, a miƙo maka 'yar kwalba a nuna maka banɗaki.

Anti Nas: Ana iya yi a gida in gidan ba nisa, iyali ta taimaka. Sharaɗin shi ne ya ƙaurace wa kwanciya kwana 2 zuwa 7 kafin nan, ya yi a cikin kwalbar da ɗakin gwajin ya bayar, ban da kwaroron roba don yana kashe ƙwayoyin. A sa kwalbar a aljihu jikin mutum, kar ta sha rana ko sanyi, a kai cikin awa ɗaya. In sakamako ya fito ba kyau kar a tada hankali da na farko, ana maimaitawa bayan kamar wata uku, domin ƙwayar maniyyi tana ɗaukar fiye da wata biyu kafin ta nuna. Zazzaɓi mai zafi da aka yi watan jiya ma yana iya ɓata sakamakon yau.

Ummu Sadiq: Ni dai gwajin kwana 21 aka yi min, shi ne yake nuna ko mace tana sakin ƙwai. Amarya ki ce a yi miki shi.

Anti Nas: Gwajin daidai, ranar ce ba tata ba. Jini ake ɗiba a auna sinadarin furojestaron, kuma kwana bakwai kafin al'ada mai zuwa ake yi. Mai kwana 28 nata ya faɗa ranar 21. Amarya mai kwana 35 ce, nata ranar 28, ana ƙirgawa daga ranar farko da ta ga jini. In ta yi ranar 21, lokacin ƙwan yake shirin fita, sai sakamako ya zo ƙasa a ce ba ta yin ƙwai, a ɗora ta kan magani a banza.

Ummu Sadiq: Ikon Allah. Ni ba a ma tambaye ni kwana nawa nake yi ba.





Amaryar Gwale: Anti, hoton nan da ake zuba ruwa a mahaifa fa? An ce ciwonsa kamar naƙuda.

Maman Ilham: Ni kam na ji jiki, har na riƙe hannun nas. Ƙanwata ta ce ita kamar ciwon mara ne kawai.

Anti Nas: Shi yake nuna ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, sikanin na yau da kullum ba ya ganin wannan. Bayan ɗaukewar al'ada ake yi, kafin lokacin sakin ƙwai, don kar a yi shi kan ƙaramin ciki. Amma ni da za a bi tawa, a fara ganin na maigida tukuna.

Hajiya Uwani: Ni dai shekara huɗu na yi kafin ɗan fari, ban ga likita ba, yanzu tara gare ni.

Ummu Sadiq: Hajiya kina da shekara nawa aka yi miki aure?

Hajiya Uwani: Sha shida.

Amaryar Gwale: Na gode ƙwarai. Saura yadda zan tunkare shi da maganar kwalba. Baban Khalifa, kai aka ce maka me ka yarda?