Fentin Layer Mask a GIMP ya ƙi ɓoye komai

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon buga katin biki a nan Sakkwato, ina aiki da GIMP 2.10. Tun jiya wani aiki ya tsaye mini.

Hoton ango ne aka kawo, aka ce in ɗora masa tambarin shagonsu a gefen kafaɗa, amma wani ɓangare ya shige bayan hularsa. Ba na so in goge da Eraser, don masu aikin kan canza ra'ayi sau uku kafin la'asar. Sai na sa tambarin a shimfiɗarsa daban, na danna Add Layer Mask, na zaɓi White (full opacity).

Abin da na sani shi ne baƙi yana ɓoyewa, fari yana dawo da abu. Da farko haka ta yi. Bayan na koma na gyara launin tambarin na dawo, sai burushin ya riƙa zuba baƙin fenti sosai a kan tambarin, ba ya ɓoye komai. Na yi Ctrl+Z, na danna D don launuka su koma baƙi da fari, na tabbatar Opacity yana 100, Mode kuma Normal. Na cire zaɓi da Select > None. Duk banza. Disable Layer Mask ma ba a kunne yake ba.

Abu ɗaya na lura: a jerin Layers, farin layi yana kewaye da ƙaramin hoton tambarin ne, ba akwatin mask da ke damansa ba. Shi ne matsalar, kuma ta yaya zan mayar da burushin kan akwatin ba tare da na sake aikin daga farko ba?

Na gode.