Wane suna za mu ba ciwon idon da likitoci ke rubutawa AMD?

Lawal Agege: Assalamu alaikum. Muna shirya faɗakarwa ga dattawan unguwa kan ciwon idon nan na masu shekaru, wanda ake rubutawa AMD a katin asibiti. An ce iri biyu ne, "busasshe" da "jiƙaƙƙe". Da me za mu kira shi yadda tsoho zai gane?

Alhaji Garba Obalende: Ai yanar ido ce, Lawal. Idan ta nuna a cire ta, shi ke nan.

Sista Rabi, ma'aikaciyar jinyar ido: Allah ya ƙara girma, Alhaji, wannan daban ne. Ita yanar ido a gaban ido take, kuma aiki na maganinta. Shi wannan can bayan ido yake, a tsakiyar shimfiɗar da ke karɓar haske, wani ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba. Da shi muke karatu, da shi muke gane fuska. Idan ya lalace mutum na ganin gefe sarai, yana tafiyarsa, amma abin da ya zuba wa ido shi ke ɓacewa. Ni zan ce "lalacewar cibiyar gani ta tsufa".

Malam Isa Idi-Araba: "Cibiyar gani" ta zauna. Jiƙaƙƙen kuwa mu ce "mai hawaye", tunda ruwa yake fitarwa.

Sista Rabi: Malam, ruwa kam akwai, amma ba ya fitowa waje, kuma wannan sunan zai iya cutar da mutane. Wasu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari ne ke tsirowa ƙarƙashin cibiyar, su riƙa tsiyayar da ruwa ko jini a ciki. Daga waje idon fes yake, ba ja, ba zafi, ba hawaye. In muka ce "mai hawaye", dattijon da idonsa ba ya zubar da komai zai ce shi lafiya lau, alhali wannan nau'in cikin makonni yake cin gani. "Mai yoyon ciki" ya fi. Ɗayan, wanda shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, shekaru yake ɗauka yana cinye wurin a hankali, kuma yana iya rikiɗa ya koma mai yoyo.

Hajara Mile 12: Haka ya faru da Innarmu. An ce mata nata mai tafiyar hawainiya ne. Wata rana ta ce layukan Alƙur'aninta sun lanƙwashe, gefen ƙofa ma kamar ya karkace. Muka ɗauka gilashi ne ya yi mata rauni. Da aka ɗauki hoton bayan ido da ake kira OCT sai ga ruwa a idon dama. Na hagun ne ya riƙa rufa masa asiri, shi ya sa ba ta lura da wuri ba.

Sista Rabi: Yawwa Hajara, dalilin takardar Amsler ke nan, mai layuka kamar dara da ɗigo a tsakiya. A sa gilashin karatu, a zauna inda ke da haske, a riƙe ta kamar santimita 30 daga fuska. A rufe ido ɗaya da tafin hannu, a kafa ɗayan kan ɗigon, kada ya yi yawo. Ana kallon ɗigon ne ake lura: layukan a miƙe suke? Akwai inda ya yi duhu ko ya ɓace? Sai a sauya ido. Duk wanda ya gwada da ido biyu a buɗe bai yi komai ba. In an ga sabon canji, a nemi likitan ido cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Takardar ba ta kama komai da komai ba, don haka zuwa asibiti na nan daram.

Alhaji Garba: To allurar da ake cewa, a cikin idon ake soka ta? Subhanallahi.

Hajara: A ciki, Baba. Inna ta ce tsoron ya fi allurar. An ɗiga mata maganin kashe zafi, aka wanke idon, aka soka allurar ta farin idon, kafin ta ankara an gama. Avastin aka yi mata, sau uku, wata-wata, yanzu ana ƙara tazara. Kuɗin ne dai ke da nauyi.

Sista Rabi: Akwai kuma Lucentis da Eylea, sun fi tsada. Duka aikinsu toshe sinadarin da ke sa jijiyoyin nan tsirowa da yoyo. Suna tsayar da ɓarna, wani ganin nasa ya ɗan ƙaru, amma inda ya riga ya zama tabo ba ya dawowa, kuma in an daina zuwa ruwan kan sake taruwa. Ɗan ja a inda aka soka ba komai ba ne. Zafi mai ƙaruwa, ko gani ya ragu cikin kwanakin da suka biyo baya, wannan a koma asibiti a ranar. Mai shan taba kuma ya bari, tana tsananta ciwon.

Lawal: To na rubuta "ciwon cibiyar gani", na cire "tsufa" kada dattawa su ce ai shekaru ne su zauna. Sai "mai yoyon ciki". Busasshen fa?

Malam Isa: "Mai zaizaya".

Hajara: Ni "mai ci a hankali" ya fi shiga kunnen Inna. Lawal, ka gwada su duka biyun a bakin dattawan ranar Juma'a ka faɗa mana.