Waƙafi kafin "amma" da aya a cikin alamar zance

Assalamu alaikum. Ina koya wa wani ma'aikaci rubutun Hausa a nan Tawa, kuma karatunsa duka da Faransanci ya yi shi. Jiya ya kawo mini wannan jimla don in duba masa:

Malam ya ce « ku zo gobe da safe ». amma ban samu mota ba, na tsaya a tasha, har azahar.

Wasu kurakuran ban yi shakkarsu ba. Waƙafin da ke bayan "tasha" na cire shi, domin "na tsaya a tasha har azahar" magana ɗaya ce da ba ta bukatar numfasawa. Na kuma nuna masa cewa ba a fara sabuwar jimla da ƙaramin baƙi, saboda haka ko dai ayar ta tashi, ko kuma "amma" ta koma "Amma".

Inda na cije shi ne wurin da zancen malam ya ƙare. Na mayar da ayar waƙafi a bayan alamar rufe zance, sai jimlar ta yi tsawo, ta ɗauki aikatau huɗu ba tare da tsayawa ba. Da na shigar da ayar cikin alamar zance, ɗalibin ya ƙi yarda, ya ce a makaranta a waje aka koya masa sa ta, littattafan Hausa biyu da na duba kuwa kowanne da tsarinsa.

Tambayata ita ce: idan maganar da aka ɗauko cikakkiyar jimla ce, kuma "amma" ta biyo bayanta, aya ce ko waƙafi ya dace, kuma a ciki ko a wajen alamar zance?