Masu kallo na watsewa a minti na 2, ina zan taɓa a rubutun?

Assalamu alaikum. Ina yin gajerun finafinan barkwanci a Gusau, ina ɗorawa a YouTube. Na baya-bayan nan mai minti 8 ne, a kan mai shago da wani ɗan bashi, amma matsakaicin lokacin kallonsa minti 2 da daƙiƙa 40 kacal.

Na duba zanen Audience retention a YouTube Studio, wanda ke nuna yawan masu kallon da suka rage a kowane lokaci na fim. A daƙiƙa 30 na farko kashi 68 cikin ɗari suna nan. Daga 1:50 zuwa 2:20 sai layin ya rikito daga 55 zuwa 31, daidai inda mai shagon ke zaune kan benci yana ba maƙwabcinsa tarihin bashin. Can a 5:10, inda ɗan bashin ya ɓuya bayan buhunan shinkafa, layin ya ɗan yi tozo, alamar ana mayarwa ko ana tsallakowa wajen.

Na ɗauka tsawon hirar ne matsala. A kashi na biyu na rage irinta zuwa daƙiƙa 15, na cire gaisuwar farko, na sa kiɗa a ƙasa. Wallahi faɗuwar ba ta tafi ba, matsowa kawai ta yi zuwa 1:20, nan ma wajen bayani.

Abin da ya ɗaure mini kai, mai kallo yakan gaji tun kafin ya fita. Ta yaya zan gane ko hirar ce ta kore su, ko kuwa abin da ya gabace ta ne bai ba su dalilin jira ba, don in san wanne zan sake rubutawa?