Zobe biyu a ƙwaya ɗaya, nawa zan ƙirga?

Ɗalibar lab: Salam manya. A siririn shafin jinin wani yaro na ƙirga jajayen ƙwayoyi 2,000, guda 46 sun kamu da maleriya, amma zoben ƙwayar cutar da ke cikinsu 61 ne. Wanne zan rubuta? Kuma wane rinin Gimsa kuke saya a Jos?

Na Bukur: Sa masa fulos uku ki huta.

Anti Hajiya: Haba ƙanena. Fulos, wato alamar +, na shafi mai kauri ne, shi ma an daina son sa. 'Yata, ƙwayar da ta kamu ake ƙirgawa, ko zobe uku ta ɗauka ɗaya ce. 46 cikin 2,000, kashi 2.3 cikin ɗari ke nan. In aka ɗauka akwai jajayen ƙwayoyi miliyan 5 a maikirolita, kin sami 115,000. Amma in yaron jininsa ya yi ƙasa, ka ce miliyan 3, lissafin 69,000 ne, shi ya sa na fi son a rubuta kason. Masu kama da ayaba, wato matakin ƙwayar cutar da sauro ke ɗauka, kada ki sa su a lissafi, ki ambace su daban.

Ɗalibar lab: Na gode Anti. Na ga ayaba biyu.

Anti Hajiya: To nau'in maleriyar falsifarum ne. Ƙananan zobba, wasu manne a gefe, ƙwayar kuma ba ta kumbura ba.

Malam na Gangare: Ku bar zancen kamfanin Gimsa, ruwan da kuke sirkawa da shi ne matsalar. Inda na taɓa aiki bafa, ruwan sirki mai daidaita tsami, ta ƙare, aka ce mu yi da ruwan burtsatse. Komai ya fito jaja-jaja. Na duba jinin wani bawan Allah na rubuta falsifarum, ya sha magani ya warke, wata biyu sai ga shi da zazzaɓi. Da na rina sabon silaid a pH 7.2, ga ƙwayoyi sun ɗan kumbura kamar ƙwai, bakinsu da geza, cike da ɗigo-ɗigo. Obale ne, nau'in maleriya mai ɓuya a hanta. Ruwa mai tsami ne ya ɓoye min ɗigon a karon farko. Har yau abin na ci min rai.

Na Bukur: Kumburi da ɗigo ai nau'in baibas ne, Malam.

Malam na Gangare: Yana yi, amma ba shi da yawa a nan, galibinmu ba mu da ƙofar Dafi da yake bi ya shiga ƙwayar jini. Kuma baibas ba ya geza haka.

Oga Kwano: Ni fitilar maikiroskof ɗina ce ta ƙone, a Taminus ake samu?

Na Bukur: Biya bashin man silaid tukuna, Oga.

Anti Hajiya: Da hunturun nan ki rufe silaidinki, ƙura na kwaikwayon zobe. Kuma ki tace rinin.

Ɗalibar lab: Minti nawa zan bar shi?

Malam na Gangare: Rini kashi 10 cikin ɗari, minti 10.

Anti Hajiya: In ba gaggawa, kashi 3 na minti 45 ya fi fito da ɗigon. Amma wannan yaron kai wa likita sakamakonsa yanzu.